Bakin da ya ce fuɗu

Aikina na farko na zane mai motsi, ƙungiyar manoma ta Kebbe ce ta ba ni: ɗan gajeren fim, dattijo yana bayanin shuka, a nuna wa mutanen Fakku kafin damina. Sun ce in ya yi, akwai na gaba.

A shagona na Tambuwal na bi tsari. Na farko, na gina fuskar dattijon a kwamfuta, baki a sake. Na biyu, na kwafi fuskar sau biyar, kowace na sauya mata baki, na raɗa mata suna: Rufe don m da b, Buɗe don a, Yaƙe don i, Tsuke don u, Haƙori don f. Kowace siffa tana da ma'auni daga sifiri zuwa ɗaya, ana kuma iya cuɗa biyu ko uku. Na uku, na bi muryar da na naɗa, ina sa kowace siffa ta ɗan riga sautinta, yadda na koya. Ban tsallake komai ba.

Saura kwana biyu in miƙa aikin, kawuna ya biyo shagon. Malamin tajwidi ne, bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba. Ya kalli fim ɗin sau biyu.

"Ɗana, wanga tsoho Balarabe ne?"

"Kawu, ɗan Fakku ne."

"To mi ya sa shina cizon leɓe in za shi ce fuɗu? Yunwa shika ji?"

Na ce haka darasin da na koya da shi ya nuna, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Na faɗa da ɗan zafi, don ba na son a taɓa mini jeri.

"Wannan fa'un Larabci ne," in ji shi. "Shekara nawa nika fama da ɗalibai su kai haƙori wurin. Namu leɓe biyu ne, kamar mai hura koko. Faɗi in gani."

Na faɗa a gaban madubi. Haƙorina bai taɓa komai ba. Kuma tsohon nawa ya ce ƙwaya fuɗu, ya ce fartanya, ya ce Fakku, duka da bakin aro.

Na cire Haƙori. Na ɗaga Rufe da Tsuke duka zuwa ɗaya, sai leɓɓan suka shige cikin juna, domin motsin siffofin taruwa yake yi. Na rage Rufe zuwa wajen kashi bakwai cikin goma, Tsuke rabi. Kawu yana cewa, "Bar ma iska hanya." Da 'yar kafa ta fito, na adana haɗin a matsayin sabuwar siffa. A fartanya na sassauta Tsuke, tunda sautin a ne ke biye.

A Fakku ba wanda ya yi zancen baki. Gardamar ƙwaya fuɗu ko biyar suka yi ta yi, ƙungiya kuma ta ba ni aiki na biyu.

Siffar nan sunanta Hura. Kawu ne ya raɗa, kuma ita nake fara ginawa a kowace fuska har yau.