Sunan da Ke Kan Rasit

Ina shekara ta biyu a makarantar kiwon lafiya a Makarfi na nemi rangwamen ɗalibai na wata manhajar karatu. Sharaɗin bai da wuya: ka kasance kana babbar makaranta a zangon da ake ciki, kuma ka tura shaida.

Na tura hoton katina na makaranta, suka ƙi. Katin bai nuna shekarar karatu ba, don haka wanda ya gama tuntuni ma zai iya turo irinsa. Na tura rasit ɗin rajistar zangon, shi ma suka ƙi, wai suna bai zo ɗaya ba.

Da gaskiyarsu. Tun a firamare mu uku ne masu suna ɗaya a aji, sai hedimasta ya liƙa mini Likoro, garinmu, kuma haka duk takarduna suka tafi. Ni kuwa da sunan mahaifina na buɗe manhajar, don da shi aka san ni.

A bakin ƙofar aji na goge sunan Baba, na rubuta Likoro, na sake turawa. Kafin la'asar suka yarda ni ɗalibi ne.