Gumin Kan Mai Guga

A ɗakin wankin otal abokan aikinsa “Famfo” suke ce masa, don ko sanyi ake yi kansa tsiyaya yake. Mai guga ne, gwani, amma da ya duƙa kan farar riga sai gumi ya ɗiga a wuyanta. Hular aikinsa kuwa tsami take, har abokan aiki suka daina rataye nasu kusa da ita.

Haushi ya sa ya dinga dirzar kansa da sabulun wanki, yana bin sa da turare. Fatar ta bushe, ta tsattsage, warin ya ƙaru. Ranar da ya yi aski tas ya shafa maganin gumin hammata, raɗaɗi ya sa shi hawaye. Washegari ya zo aiki da kai ja wur. Manaja ya kalle shi sau ɗaya ya ce, "Malam, je ka huta." Ba a sake kiransa ba.

Sai daga baya mai kemis ta ce masa, "Baba, bari ya warke tukuna. Shamfu marar ƙamshi za ka riƙa wanke kan da shi, ka wanke hular kullum. Maganin kuma da dare ake shafawa, a busasshiyar fata marar ciwo, a wanke da safe."

Gumin ya ragu, warin ya tafi. Amma har yau, idan matarsa ta matso za ta gyara masa hula, baya yake ja.