Babban Yatsan Mushe Ciɗo

Mushe Ciɗo (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci) mutumin Bambeye ne, ɗan manomi, gajere, mai muryar da ba ta kai bayan aji sai an yi tsit. Shekara goma sha tara ya yi yana koyarwa a ƙauyukan Adar kafin a kawo shi lakwal ɗin unguwarmu a birnin Tawa, ɗaya daga cikin makarantun gwaji da ake fara karatu da Hausa. Ba shi da babur, ba shi da jam'iyya, kuma a 1994 wanda ba shi da jam'iyya ba shi da kowa. Shi aka ba ajinmu na biyu, mu tamanin da 'yan kai. Ni Rahama ina can layin baya, ina maimaita ajin.

Kada wani ya ce mini daƙiƙiya ce ni. Shekarata ta fari yajin aiki ya cinye ta, yau malamai sun fita, gobe an rufe, jibi an buɗe. Abin da na ƙware a kai shi ne amshi. Malami ya karanta, aji ya ɗauka, ni ma in buɗe baki da ƙarfi. Amma a tsayar da ni ni kaɗai, sai in yi ta kallon zanen da ke gefen shafi ina cinta. Jarrabawar Maris na ci sifiri a karatu. Darakta, Mushe Abdulrazak, ya shigo da takarda ya ce duk mai maimaici da ya sake faɗuwa a Yuni, gida zai koma. Sunana ne na uku. Kora ke nan, kuma a gidanmu wadda aka koro ba ta sake ganin allo, tallan Inna za ta ɗauka.

Mushe Ciɗo ya ce, “Ranka ya daɗe, tsaya ka ga wani abu.”

Ya kira ni gaban allo, ya rubuta kalma ɗaya, ya ce in karanta. Na kasa. Darakta ya ce, “Ka gani ko?” Sai Mushe Ciɗo ya sa babban yatsansa ya rufe kalmar, ya bar haruffa biyu na farko. Na ce “ra”. Ya ja yatsan. Na ce “ƙu”. Ya sake ja. Na ce “mi”. Ya ce, “Haɗa su, da sauri.” Na ce, “Raƙumi!” Har na tsorata da muryata.

Ya kira wata yarinya da ita ma ta ci sifiri, ya yi mata haka, ba ta iya ba, don ita haruffan ma ba ta gama sani ba. Ya sake kirana, ya buɗe shafi guda cike da rubutu, yana ja mini yatsa. Layi biyu na yi na ruɗe, na manta farkon jimla kafin in kai ƙarshenta.

“Ga shi nan,” in ji shi, yana duban darakta. “Takardarka ta ce su biyu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai abin da yaro ke yi shi kaɗai, wannan ba ya bukatata. Akwai abin da ko na kama mai ba ya iyawa, wannan in na matsa sai kuka. Tsakaninsu akwai abin da yake iyawa in an kama mai kaɗan, nan ne wurin aikina. Waccan wurinta haruffa. Wagga wurinta haɗa gaɓoɓi. Abin da ta yi da yatsana yau, nan da Yuni ita kaɗai za ta yi shi.”

Darakta ya taɓe baki ya ce, “Ran jarrabawa dai ba yatsan kowa.”

“Na sani. Shi ya sa zan janye shi.”

Wannan maganar ta ƙarshe ban ji ta da kunnen hankali ba. Ina da shekara tara, abin da na gane kawai shi ne na samu mai taimakona.

Kullum ƙarfe goma, in yara sun fita shan iska, sai ya zaunar da mu 'yan kaɗan gindin itacen bedi, kowa da nasa aikin. Satin farko daɗi ne zalla. Shi zai karanta gajeriyar jimla yana bin ta da yatsa, mu karanta tare, sannan ya rufe mini kalmomin gaɓa gaɓa in karanta ni kaɗai. “Habi ta kai tulu rijiya.” Har yau ina ganin jimlar nan da alli a kan ɗan allona. Ya hana ni littafi mai zane, ya ce idona ya saba gudu wurin hoto. Kuma kullum sabuwar jimla, don ya san halina na hadda.

Sati na uku sai ya ɗauke yatsan. In na tsaya, sai ya ce, “Da mi ta fara?” Shi ke nan. Na dube shi, na dubi hannunsa, hannun na kan gwiwa. Da na kasa wata doguwar kalma, “makaranta”, ya bari na yi ta fama, sannan ya ce, “Ke ba ki da yatsa?” Na sa nawa ina huci, na rufe, na ja, na karanta. Ya ce madalla. Ni kuwa haushi ya cika ni, don a ganina aikinsa ya ɗora mini.

Farkon Mayu ko tambayar ma ya daina. Sai ya ba ni layi huɗu, ya harɗe hannu a baya, ya yi shiru. In na yi kuskure ba ya gyarawa nan take, sai na kai ƙarshen jimla ya ce, “Abin da kika faɗa, magana ce?” In koma in nemo da kaina. Gaskiya in na cije ƙwarai yakan ba ni gaɓar farko, amma sai ya jira, jiran da nake ji kamar an ɗora mini dutse. Yanzu da nake koyarwa na san ƙirga yake yi a ransa, yana auna ko zan fita ni kaɗai. Na kuma san ya fi sauƙi ka faɗa wa yaro kalma da ka danne bakinka. A lokacin kuwa cewa na yi ya tsane ni. Ga kora tana matsowa, ga mutum ya san amsa ya ƙi faɗa!

Na koma gida da kuka na ce wa Baba, “Mushe ya daina koya mini. Zama yake yi yana kallona.”

Babana Alhusaini tela ne, amma tun da aka yi zaɓe ɗinki ya zama na biyu. Shi ne mai tara matasan jam'iyyar da ta ci a unguwarmu, kuma yana son a san haka. Washegari ya sa hula ya bi ni lakwal, ya tsaya nesa kaɗan yana kallo. Me ya gani? Ɗiyarsa tana in'ina a kan takarda, malami ya harɗe hannu. Ai sai ya taso.

“Malam, wannan ne aikin? Don ka zauna aka ɗauke ka?”

Mushe Ciɗo ya miƙe ya gaishe shi. Ya ce, “Malam Alhusaini, in an kama ma yarinya tulu ta ɗora a kai, ai sakin ta ake yi ta tafi. Saura kaɗan. Ka ba ni sati uku.”

“Ni za ka kawo ma zancen tulu? Rahama, yana faɗa miki ko ba ya faɗa miki?”

Wallahi da bakina na ce, “Ba ya faɗa mini.” Ban yi ƙarya ba, kuma wannan ne ke ƙona ni. Mushe Ciɗo ya dube ni.

To, ina darakta, wanda ya ga komai da idonsa ranar raƙumi? Yana ofis, ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Shi ma kujerarsa yake tsoro. Kalma ɗaya ta ishe shi: ku bar mutumin nan, ya san abin da yake yi. Bai faɗa ba. Baba ya je inda ake zuwa, ya ga wanda ake gani, aka ƙara da cewa ai malamin ma ɗan adawa ne, mutumin da ko taron siyasa bai taɓa leƙawa ba. Kwana goma takarda ta fito, wai bukatar aiki. An tura shi wani ƙauye can bayan Tebaram, ana saura wata guda a rufe makaranta. Wane irin rashin kunya ne wannan? Matarsa da 'ya'yansa biyar ya bari a Tawa, ya hau bayan motar kasuwa da tabarma da buta.

Ranar da zai tafi ya ba ni wani tsohon littafi marar zane ko ɗaya. Ya ce, “Layi huɗu kullum. In kin tsaya, kin san abin yi.” Na karɓa ban ce na gode ba.

Aka kawo wani sabon malami, saurayi mai tabarau. Ba mugu ba ne, amma amshi ya mayar da mu, shi ya karanta, tamanin su ɗauka. Sunana ma bai riƙe ba. Ni kuwa tsoron talla ya sa kullum da la'asar nake buɗe littafin nan bayan ɗakin Inna, ina rufewa, ina ja, ina tambayar kaina ko abin da na faɗa magana ce.

Ranar jarrabawa darakta da kansa ya zauna. Ya miƙo mini shafin da ban taɓa gani ba, labarin wani makiyayi da rijiyar da ta ƙafe. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku na ci karo da “garkensa”, na tsaya cik. Na ɗaga kai, ba wanda zan duba. Na sa yatsana, na ja, na wuce. Layi shida na karanta, ya tambaye ni me ya sami makiyayin, na faɗa masa. Ya rubuta bakwai bisa goma, ya soke sunana daga takardar kora. Ya daɗe yana kallon hannuna. Ya gane sarai ko aikin wane ne, amma ko a ranar bai buɗe baki ba.

Baba kuwa har bakin titi ya fita yana shela. “Kun gani? Wata takwas wancan na zaune yarinya ba ta iya ba. Sati uku da munka canza shi, ga ta tana karatu kamar rediyo!” Mutane suka yi ta cewa ai Alhusaini ya taimaki unguwa. Maganar ta bi Mushe Ciɗo har inda yake, ta zauna masa a suna: malamin da ba ya koyarwa. Sau uku yana neman a maido shi kusa da iyalinsa, ana ƙi. Can ya ƙare aikinsa, can ciwon ƙirji ya kama shi, aka kawo shi Bambeye aka rufe. Ni ina kwaleji lokacin, kuma sai da na shiga makarantar horon malamai, aka zana mana dabarar nan ta kama wa yaro da janye hannu a allo da sunansa na Faransanci, sannan na gane abin da aka yi mini da abin da na yi.

Amma a yammacin ranar jarrabawar ba abin da na gane. Baba ya sayi goro ƙwarya guda da zakara, ya ce a kai wa sabon malami tukwici. Ni aka aika. Na sa sabon zanena, na rungumi zakaran, na je har ƙofar gidansa na durƙusa na ce, “Mushe, Baba ya ce a gode maka, kai ka koya mini karatu.” Ya karɓa yana murmushi, sannan ya tambaye ni sunana.