Gyaran da na yi a ɓoye

Ni da wani abokina muka gama karatun likitan dabbobi, muka ƙare a shagon magani ɗaya kusa da Ƙofar Atiku, muna auna wa mutane maganin tsutsar awaki. Ni na fi shi karatu. Ba fariya ba ce, shi ma ya sani.

Duk muna neman hanyar fita daga shagon nan, duk muna da shafi a dandalin da ma'aikata ke haɗuwa a intanet. Akwai wata babbar malama a harkar fata da ƙirgi da muke bi, wadda masu masana'antun jima ke karanta rubutunta. Wata safiya ta rubuta cewa cutar fata ce ke karya darajar fatar jar akuyarmu ta Sakkwato. Na san da sauran magana. Kakana majemi ne, a gabansa na ga yadda kaifin wuƙar mai fiɗa ke zabtare fata, da yadda shanya a ƙasa cikin rana ke ƙona ta.

Amma a shekaru ta haife ni. A gidanmu ba a gyara wa babba zance a gaban jama'a. Sai na zauna na tsara mata bayani mai tsawo, na tura ta saƙon sirri, har da neman afuwa. Ban sani ba ko ta buɗe.

Shi kuwa gogan, ko awa ɗaya rubutun bai yi ba ya shiga ƙasansa ya yi sharhi. Layi huɗu kacal. Ya gaishe ta, ya faɗi abin da yake gani a fatun da ake kawowa kasuwa, ya tambaya ko shanya tana da hannu a ciki. Ta amsa masa. Da ta amsa, mabiyanta suka gani, suka yi ta leƙa shafinsa. Haka ya riƙa yi kusan kullum, ba a kan kowa ba, sai mutanen fata. Ni ina gefe ina cewa neman suna ne, alhali ina karanta kowane layi raina yana ƙuna.

Bayan wata biyar wani mai masana'anta a Kano ya kira shi, yana son mai duba masa fatu a Sakkwato. Da na ji, ko tuwon rana ban iya ci ba. Hassada ce, na san sunanta, na kuma yi istigfari, amma ba ta tafi ba.

Ranar da zai bar shagon ya riƙe hannuna.

"Wallahi abokina, kai kas san fata, ba ni ba. In sunka tambaye ni abin da ban sani ba, in kira ka?"

Na ce ya kira. Yana kira kuwa, sau biyu ko uku a mako, ina amsa masa ina ƙulla maganin tsutsa a leda.