Jimlar da na ƙara a rahoton bita

A shekarun da nake koyarwa a Tawa, wata mujallar bincike ta aiko mini da maƙala in duba. Ƙa'idarsu ita ce a cire sunan marubuci, shi ma ba zai san wanda ya duba ba. Maƙalar a kan rumbunan hatsi ce a ƙauyukan Barmu da Kalfu na ƙasar Adar. Marubucin ya ce gidajen da mata ke shugabanta sun fi saurin ƙarar da hatsinsu kafin sabo ya nuna.

Ina kaiwa inda ya faɗi lokacin da ya yi tambayoyinsa sai na buga tebur. Da rani! Wa zai je ƙidayar masu gida a Adar da rani? Maza sun watse cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya, duk ƙofar da ka yi sallama mace za ta amsa. Shi kuwa ya zuba su duka a layi ɗaya, wai gidan mace.

Ni mutum ne mai saurin hawa, matata ma ta gaji da faɗa mini. Na zauna na rubuta rahoto. A manyan matsaloli na ce bai raba gidan da mai shi zai dawo da saukar damina da gidan da babu namiji sam ba, don haka sakamakon bai tsaya da ƙafarsa ba, sai ya koma da damina ya sake tambaya. Na ƙara da cewa bai bayyana yadda ya zaɓi gidajen ba. A ƙananan matsaloli na kawo taswira marar ma'auni da wasu littattafai da ya ambata bai jera su a ƙarshe ba. Shawarata ga mai kula da mujallar ita ce babban gyara, a dawo da ita a sake dubawa. Har yau ina kan wannan, gaskiya ce. Da na tsaya nan da lafiya lau. Amma sai da na ƙara jimla ɗaya don in huce: da alama marubucin bai taɓa kwana a ƙauyen Adar ba, bai san mene ne cin rani ba.

Bayan wasu makonni wani tsohon ɗalibina ya zo gida da la'asar. Malamin lise ne, wato babbar sakandare, a Tawa, yana digirin dakta a wata jami'a can nesa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa muka gaisa, sannan ya miƙo takardu.

"Malam, dubi abin da anka yi mini. In mujallar ba ta amshi maƙalar ga ba, ba a bari na in kare kundina bana."

Layin farko na gani na gane rubutuna.

"Gyaran bai dame ni ba," in ji shi. "Mutumin yana da gaskiya, ban raba su ba. Amma ga wannan." Ya ɗora yatsa a kan jimlar. "Ni ɗan Barmu ne, Malam. Ina goye babana ya tafi cin rani, har yau ba mu ga ƙeyarshi ba. Inna ce ke auna muna hatsi da hannunta. Shi ya sa in na ga mace a bakin rumbu ban iya ce mata mijinki na dawowa."

Ya roƙe ni in taya shi rubuta amsa ga mai bitar. Ba ni da damar yin haka, don ba a zama alƙali kuma a zama lauya, sannan sunan mai bita amana ce ta mujalla. To, amanar nan ta yi mini daɗi fiye da kima, na ɓuya a bayanta. Na ce masa ayyuka sun yi mini yawa. Ya ce ba komai, Allah shi ƙara girma, ya kwashi takardunsa.

Washegari na rubuta wa mai kula da mujallar cewa na gane marubucin, a ba wani mai bita zagaye na biyu. Na roƙi a cire jimlar daga rahoton, ya amsa cewa ai ta riga ta isa.

Yaron bai kare kundinsa a shekarar ba. Ya jira damina, ya bi gona gona a kan babur, ya raba gidajen kamar yadda aka nema. Da maƙalar ta fito ya kawo mini kwafi da kansa, yana ta murna. Na buɗe wurin godiya. Ya gode wa masu bitar da bai san su ba, saboda sun gyara masa aiki. A ƙasa kuma ya gode mini da sunana, wai malaminsa da bai taɓa faɗa masa magana mai zafi ba.