Surukina a Cikin Huɗubar Tauye Mudu

Ni ke ɗaukar huɗubar Juma'a a masallacinmu na unguwar Coal Camp, nan ƙasar Ibo, don kawai shagona na gyaran waya ne. A wurin mutanenmu, wanda ya iya buɗe waya ya iya komai.

Waya biyu nake kafawa kafin liman ya hau mumbari, ɗaya ta kalle shi, ɗaya ta kalli sahun gaba. Ran Asabar in zauna da huɗubar minti arba'in in fitar da guntaye biyar ko shida na minti ɗaya, kowanne da saƙo guda, in rubuta fassarar Pidgin a ƙasa. Da wayar a kwance nake ɗauka, da ita a tsaye ake kallo, saboda haka dole a datse gefe da gefe. Sahun mutum goma sai ya koma mutum ɗaya.

Surukina, mai sayar da wake a kasuwar Artisan, tun sha ɗaya yake kama wuri a sahun gaba. Wata rana ya kira ni. Na durƙusa, muka gaisa har ƙafata ta yi tsami, sannan ya ce, "Malam, na ga mai albasa a bidiyonka, na ga mai canji. Ni da na ba ka 'ya, kafaɗata kawai ke fitowa."

Na ce, "Za a gyara, Baba."

Makon nan liman ya yi magana a kan tauye mudu. Limaminmu kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ya tafiya miƙe. Sau uku ya ratse zuwa batun takalman da ake bazawa a ƙofa. Duk inda na yanke, kansa sai ya yi tsalle, sai an rufe wurin da hoton masu sauraro. Na rufe duka ukun da Baba. Wallahi faranta masa na yi niyya. Har daɗi na ji da na ga yana gyaɗa kai a hankali, ido a ƙasa, daidai inda liman ke cewa, "Kai da kake gasa gindin robar awo ka tura shi ciki, ka san kanka."

Baba da kansa ya tura bidiyon ga duk lambar da ke wayarsa. Sai da magariba ya saurari abin da ake faɗa a ciki. Ya ce in goge. Na goge nawa, amma na wayoyin mutane fa?

Ran Litinin matan Ibo masu sayen wakensa suka zo kowacce da tata robar fentin da ake awo da ita daga gida. Na bar shago na hau okada a guje don in rantse musu kuskurena ne, tsohon nan mutumin kirki ne. Na iso ana juye awonsa a robar wata mata. Na leƙa. Saura yatsa uku ta cika.

Baba ya ɗago ya ce, "To, yi musu bayanin mana."

Na ce, "Baba, gaisuwa kawai na zo yi."