Allon Shagon Babanmu

Hoton babanmu guda ɗaya ne a duniya. Ni da ke da shagon ɗaukar hoto a Yendi, sau nawa na roƙe shi ya zauna, ya ce sai wani jiƙon. Sai da ya rasu muka tsinci hoton a akwatinsa. Ashe bayan ya bar tsohon shagonsa na hatsi a Salaga, wata rana ya bi ta wajen, mai hoton yawo ya ɗauke shi a ƙofa. Wanda ya gaji shagon ya shafe rubutun allon, ya rubuta nasa da Turanci. Baba kuwa ba ya jin Turanci. Ga Alhaji tsaye, ya gyara hula yana murmushi, a saman kansa an rubuta ana sayar da giya a nan.

Da ƙanwata ta karanta wa Mma, mahaifiyarmu, sai ta kife hoton.

"Ba zan rataya wannan ba ranar sadakar arba'in," in ji ta. "Ka mayar masa da allonsa, ko ka ƙone shi."

Na ce a yanke saman. Ta ce hularsa ta shiga cikin allon, kan ubana zan yanke?

Na sake ɗaukar hoton da kyamara, na wanke shi babba a takarda marar ƙyalli. Na kwaɓa farin fenti da baƙi har ya dace da tokar allon, na rufe haruffan giya, na rubuta namu: ALHERI GADON BARCI. Na kai gida Salaga ina taƙama. Mma ta duba sau ɗaya ta ce, "Wannan allon makaranta ne." Wallahi na ji haushi, na fita ko ruwa ban sha ba. A mota na sake dubawa, na ga gaskiyarta. Daga gefe aka ɗauki hoton, allon yana tsukewa ta can nesa, nawa rubutun kuwa ya miƙe sambal, fari fat, sai ka ce an manna.

Wanda ya rubuta allon tun asali yana nan da rai a Bawku, yana yi wa manyan motoci rubutu. Kwana tara ya rage a yi sadaka, na kama hanya. Na same shi a tasha, tsoho tukuf, fenti har gemu. Ya kalli aikina ya kwashe da dariya.

"Ɗana, da ƙafa ka rubuta?"

Na haɗiye. Mai nema ba ya fushi. Ya yago takardar siminti ya zana mini haruffan yadda ya yi su a da: masu kauri, kowanne da inuwa ta dama, R ɗinsa da doguwar jela. Ya ce kalmar ƙarshe, BARCI, ya ɗan matse ta, don wuri ya kusa ƙare masa.

Na koma Yendi na wanke sabon hoto, na kafe shi a tebur. Na ja zare ta bakin allon na sama, wani ta na ƙasa, na bi su har inda suka haɗu, can wajen takardar, na buga ƙusa. Daga ƙusar nan na ja kowane layin rubutu, haruffan suna raguwa tsawo da faɗi in sun yi nesa. Kwana biyu ina wannan, wuyana ya ƙage.

Sai tsufar da rubutun. Wannan ya fi ba ni wuya, don hannu ba ya son ɓata abin da ya gyara. Tsagar katakon da fentina ya rufe, na mayar da ita ta ratsa haruffa. Na zubo tsatsa daga kan ƙusoshi, na kankare gefen haruffa da reza, na dusashe farin inda inuwar kwano ta faɗo. Na bi da busasshen buroshi ina ɗiɗɗigawa, don fentin ya yi tsakuwa-tsakuwa irin ta hoton. Sannan na ɗauke shi da kyamara a inuwa, gudun ƙyalli, na wanke ƙarami. Da ya fito a ruwan maganin wanke hoto ni kaina na nemi inda na taɓa na rasa. Na yi ihu har maƙwabcina tela ya leƙo.

Ana gobe sadaka na isa Salaga da hantsi, mata sun cika tsakar gida suna gyaran shinkafa. Na miƙa wa Mma hoton. Ta goge hannu a zane, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ta daɗe. Ta bi jelar R da ɗan yatsa.

"Kai, Alhaji!" ta ce wa hoton. "Shekara nawa ina ce maka ka sake fentin allon nan, ka ƙi ji. Dubi yadda ya koɗe!"

Ta share ido da mayafi, ta ce a ba ni guduma, a saman ƙofar zaure take so.